Dagaci ya ci tarar ƙanina, kotu kuma ta sake kiransa: ana hukunta mutum sau biyu?

Wani mai karatu daga wata ƙaramar hukuma a Jihar Kano ya rubuto cewa ƙaninsa ya yi faɗa da maƙwabcinsa a kan iyakar gona, ya buge shi da ƙotar fartanya har hannu ya karye. Dagaci ya tara dattawa, aka yanke cewa ƙanin zai biya naira 150,000 kuɗin magani da ɗori, ya biya, aka rubuta takarda kowa ya sa hannu. Bayan mako uku wanda aka ji wa raunin ya kai ƙara wurin 'yan sanda, su kuma suka gurfanar da ƙanin a gaban kotun shari'ar Musulunci. Tambayarsa ita ce ko doka ta yarda a hukunta mutum sau biyu a kan laifi ɗaya, kuma ko za su iya mayar da shari'ar kotun majistare.

Malam, zan fara da abin da ba za ka so ji ba. A idon doka, ba a taɓa yi wa ƙaninka shari'a ba, saboda zaman da aka yi a zauren dagaci sulhu ne. Gaskiya ne sashe na 36(9) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da aka riga aka same shi da shi ko aka wanke shi, amma sharaɗin shi ne kotu mai hurumi ce ta yi shari'ar farko. Dagaci, hakimi, har ma da sarki, babu wanda yake da wannan hurumi a yau, domin tun da dokar kotunan yanki ta 1967 ta rushe kotunan sarakuna a Arewa, ikon hukunta mai laifi ya bar fada. Ƙari a kan haka, sashe na 36(12) ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a cikin doka, kuma al'adar gari ba rubutacciyar doka ba ce. Tun a 1961, a shari'ar Aoko da Fagbemi, babbar kotu a Yammacin Nijeriya ta soke hukuncin da wata kotun gargajiya ta yanke wa wata mata a kan zina, don babu rubutacciyar dokar da ta mayar da hakan laifi a can. Saboda haka idan ƙaninka ya tsaya gaban alƙali ya ce "an riga an hukunta ni", wannan kariya ba za ta tsaya ba.

Wannan ba ya nufin kuɗinku sun tafi a banza, kuma a nan ne nake so ku fi mayar da hankali. A ƙarƙashin dokar laifuka ta shari'ar Musulunci da Kano ta kafa a 2000, rauni a jikin mutum yana cikin babin ƙisasi da diyya, wato haƙƙi ne na wanda aka ji wa ciwo kafin ya zama na hukuma. Yana da ikon ya yafe, ko ya karɓi diyya, ko ya yi sulhu a kan wani adadi. Idan aka tabbatar wa alƙali cewa mai ƙarar ya karɓi kuɗin ne da sharaɗin ya yafe haƙƙinsa, to yana da wuya ya dawo ya nemi haƙƙin a karo na biyu, duk da cewa alƙali yana iya yin ta'aziri, wato horon da ya ga ya dace don tsawatarwa. Komai ya rataya ne a kan abin da takardar ta ce. Na sha ganin irin waɗannan takardu, rubutun malamin dagaci a fallen littafin makaranta, kuma mafi yawansu suna tsayawa ne a kan "ya biya kuɗin magani". Idan taku haka take, mai ƙarar zai ce magani kawai aka biya shi, bai yafe komai ba, sai ku koma neman dattawan da suka halarci zaman su zo su ba da shaida a kan abin da aka faɗa da baki. Ku nemi aƙalla biyu daga cikinsu tun yanzu, waɗanda ba danginku ba ne.

Takardar tana da wani kaifi da zai iya yankan ƙaninka. Idan an rubuta a ciki cewa ya amsa shi ya yi dukan, mai gabatar da ƙara zai iya amfani da ita a matsayin iƙirari, kuma a fiƙihu janye iƙirari yana amfani ne a laifukan haddi, ba ya kuɓutar da mutum daga haƙƙin ɗan'uwansa. Don haka kada ku miƙa ta ga kowa kafin lauya ya karanta ta, musamman idan ƙaninka yana da hujjar cewa shi aka fara kai wa hari, ya kare kansa ne.

Game da sauya kotu, amsar gajeriya ce. A Kano dokoki biyu suke aiki kafaɗa da kafaɗa: dokar finalkod ta 1960, wadda kotunan majistare da babbar kotun jiha suke amfani da ita, da dokar shari'ar Musulunci, wadda take hawa kan Musulmi. Wanda ba Musulmi ba yana iya ƙin amincewa a yi masa shari'ar laifi a kotun Musulunci, amma Musulmi ba shi da damar zaɓen kotu don kawai wata ta fi masa daɗi. Abin da lauya zai iya yi shi ne ya ƙalubalanci hurumin kotun idan laifin ya fi ƙarfin matakinta, ko ya nemi a sauya alƙali idan akwai hujjar son zuciya, ko ya rubuta wa antoni janar na jiha, wanda sashe na 211 ya ba shi ikon karɓe shari'ar laifi ko dakatar da ita. Ni dai a ganina, a shari'a irin taku ba lallai ne majistare ta fi muku sauƙi ba. A finalkod, karya ƙashi rauni ne mai tsanani da ake iya ɗaure mutum shekaru a kansa, alhali a kotun Musulunci sulhu yana da gurbi a cikin hukuncin kansa.

Abin da ya kamata ku yi kafin zama na gaba shi ne ku samo lauya, idan babu hali ku je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a kyauta. Sashe na 36(6) ya ba ƙaninka ikon lauya ya tsaya masa a kowace kotu, har da ta Musulunci, kuma a Janairun 2021 babbar kotun Jihar Kano ta soke wani hukuncin kisa da babbar kotun shari'ar Musulunci ta yanke a 2020, ta ce a sake shari'ar, saboda wanda aka tuhuma bai samu lauya ba. Lauyan zai nemi beli idan ƙaninka yana tsare, ya karɓi kwafin takardar tuhuma don a san sashen da ake ƙararsa a kai, sannan ya nemi alƙali ya ba da lokaci a kammala sulhu. Idan mai ƙarar ya amince, ko da ƙarin kuɗi ne saboda ɗorin bai kama ba, a wannan karon a karanta sulhun a gaban alƙali, a shigar da shi cikin littafin kotu.

Idan hukunci bai yi muku daɗi ba, wa'adin ɗaukaka ƙara galibi kwana 30 ne, kuma a nan mutane suke yawan ɓata hanya. Sashe na 277 ya taƙaita hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure, gado, wasiyya, waƙafi da riƙon yara. Ko da yake irin wannan kotu ce ta wanke Amina Lawal a Katsina a 2003, a Kano shari'ar da na ambata ta 2021 babbar kotun jiha ce ta saurare ta. Ku bar lauya ya tantance inda za a shigar da takardun tun a makon da aka yanke hukunci, domin ƙarar da aka kai kotun da ba ta da hurumi korarta ake yi, kuma kafin ku dawo wa'adin ya wuce, sai an sake roƙon ƙarin lokaci.