Sitof oda ba inshora ba ce, ko me Oga na guruf ya gaya maka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Satin nan na buɗe akawun na sayen hannun jari, na zuba dubu 300 kuma wallahi kuɗin da nake tarawa na biyan haya ne. Duk sanda na zo saye sai manhajar ta nuno min `Market`, `Limit`, `Stop`, ina tsoron in danna wanda zai cinye min kuɗi. Wani a guruf ɗinmu ya ce in dai na sa sitof da kashi 5 to ba yadda za a yi in yi asarar da ta wuce haka. Gaskiya ne? Wanne zan danna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba gaskiya ba ne, kuma zan dawo kan mutumin naku na guruf don maganarsa ce ta fi damuna, amma bari mu fara gamawa da biyun farko tunda su ba su da wata wahala.

Farashin nan da kake gani da manyan lambobi a saman shafi ba naka ba ne, na cinikin da wasu suka riga suka gama ne, wataƙila minti ɗaya da ya wuce wataƙila jiya. Abin da ya shafe ka shi ne `Bid` wato tayin masu saye, da `Offer` ko `Ask` wato kuɗin da masu kaya za su sallama. Maket oda kamar ka ce wa dillali ne sayo min yanzun nan ko nawa aka ce, ba ruwana. Za ka samu kayan, farashin ne ba a hannunka yake ba.

Misali, a ce manhaja ta nuna naira 49.90 kai kuma kana son guda 2,000, ka yi lissafinka a kai ka ce 99,800. To amma a layin masu sayarwa mutum na farko guda 500 kawai gare shi a kan 50.00, na bayansa yana da 1,000 a kan 50.80, na uku kuma sai 52.50. Odarka za ta kwashe na farko 25,000, ta kwashe na biyu 50,800, sauran 500 ɗin ta ɗauko daga na uku 26,250, jimla 102,050 tun kafin a zo maganar la'adar dillali da sauran caji. Ba wanda ya cuce ka, kai ka ce ko nawa ne. A babban kamfani da ake cinikinsa miliyoyi kullum bambancin bai taka kara ya karya ba, amma a ƙananan kamfanonin nan da ake wuni ba a yi ciniki goma a kansu ba, nan ne maket oda take yanka.

Limit oda kuwa kai ne ka faɗi kuɗinka. In saye ne ka rubuta 50.20, ma'ana a nan ko ƙasa da nan, in ya wuce albarka. A misalinmu guda 500 ɗin farko kaɗai za ka samu, sauran 1,500 su zauna a layi suna jira, kuma yana yiwuwa farashi ya tafi ya bar ka har a tashi kasuwa. Wannan shi ne kuɗin da kake biya, ka riƙe farashi ka saki tabbacin samu. Sai ka duba wa'adin odar, `Day` tana mutuwa in an rufe kasuwa, `GTC` tana nan har sai ka soke ko wa'adin da dillalinka ya sa ya cika, kuma mutane na mantawa da ita sai bayan sati uku mummunan labari ya fito kan kamfanin, farashi ya rikito, su ga alat wai sun saya. Ga sabon shiga irinka limit ce amsar tambayarka ta wanne zan danna, ka sa ta daidai kan `Offer` ko sama da shi kaɗan in kana son ta shiga nan take, shi ke nan.

To yanzu sitof.

Ni dai ban san adadin mutanen da suka zo min da wannan magana ba, kusan kullum sai an turo min hoton sikirin ana cewa Malam duba, na sa sitof a kaza amma an sayar min a kaza, dillali ya yi min sata. In na tambaya wa ya ce maka a kazan za a sayar, sai a ce ai Oga ne a guruf, wanda ake biya dubu goma a wata yana turo sigina, wato sayi kaza sayar da kaza, da hoton mota. Sitof oda ba alƙawarin farashi ba ce. Igiyar tarko ce kawai, kana cewa in farashi ya taɓa nan ko ya wuce nan, to a jefa kayana kasuwa a maket oda. Ka lura da kyau, a MAKET oda, waccan da muka gama cewa ba ta san farashi ba. Lambar da ka rubuta ita ke tayar da odar daga barci, amma wanda zai saya a wannan lambar ba manhaja ce za ta haifo maka shi ba.

Oga na guruf yana zaton farashi yana sauka ne kamar mai sauka daga bene, mataki-mataki, 50, 49, 48, dole ya taka 47.50, wato kashi 5 ƙasa da 50, ya gaisa da odarka. A ranar lafiya haka ne, kuma shi ya sa ƙaryar take da daɗin gaskatawa, don sau tara cikin goma za ka ga ta yi aiki. Ranar da kake matuƙar buƙatarta kuwa farashi ba ya bin matakala, ta taga yake dirowa.

Ga abin da ya faru a zahiri. Ranar 2 ga Fabrairu 2022 hannun jarin Meta, kamfanin Facebook, ya rufe a wajen dala 323. Bayan an tashi kasuwa suka fitar da rahoton ribarsu, bai yi wa masu jari daɗi ba. Washegari da aka buɗe, cinikin farko a wajen dala 245 aka yi shi. Ka ɗauki mutum mai guda 10 da ya sa sitof a 300 ya je ya yi barcinsa yana cewa iyakar abin da zan rasa dala 230. Ba a yi ciniki a 300 ba a lokacin kasuwa, ba a yi a 280 ba, odarsa ta farka ta tarar da 245 ta sayar a nan, asara wajen dala 780, sama da ninki uku na abin da ya lissafa. Kuma fa wannan ɗaya ne daga cikin manyan kamfanonin duniya da masu saye suka yi masa yawa, ba wani ɗan kamfanin lungu ba. Ita kanta kasuwar New York tun 2016 ta daina karɓar sitof oda a wajenta, dillalai ne ke riƙe ta a na'urorinsu su tura in lokaci ya yi, amma wani yana zaune a ɗaki da waya biyu yana ce wa bayin Allah garanti ce.

Sai wani mai wayo ya ce to ai akwai `Stop Limit`. Akwai. Ita lamba biyu kake sawa, ta tayarwa da ta iyaka, misali 300 da 295, ma'ana in an taɓa 300 a sayar amma kar a sallama ƙasa da 295. A ranar ta Meta wannan odar ta farka ta ga 245 ta ce albarka, ba ta sayar da ko ɗaya ba, mutumin yana riƙe da kayansa, kuma kafin ƙarshen shekarar nan jarin sai da ya sauka ƙasa da dala 100. Kenan ɗaya za ta fitar da kai amma ba ta san nawa ba, ɗayar ta san nawa amma ba lallai ta fitar da kai ba. Babu ta uku da ta haɗa duka biyun, duk wanda ya ce akwai ka ce ya nuna maka maɓallin.

In kuma a kasuwarmu ta hannun jari ta Najeriya wato NGX kake saye, matsalar wata kama take ɗauka. A nan hannun jari ba ya faɗuwa fiye da kashi 10 a rana ɗaya, mutane sai su ji daɗi su ce ka ga an kare mu. An kare lamba ne, ba a kare ka ba. In labari mara daɗi ya fito, kowa zai jibge kayansa a farashin ƙasa na ranar, ka duba ɓangaren `Bid` ka ga wayam, ba mai taya ko sisi, kai kuma kana bayan layin mutanen da suka riga ka. Naira 50 ta koma 45, gobe 40.50, jibi 36.45, kwana uku sama da kashi 27 ya tafi kana kallo, odarka ta tashi tun ranar farko amma wa za ta sayar wa? Kashi 5 ɗin Oga yana ina a nan?

Ga kuma ɗaya fuskar da ba sa faɗa. Kashi 5 ɗin nan ga hannayen jari da yawa kai-kawon yau da gobe ne, farashi ya ɗan leƙa ƙasa da safe ya taɓa sitof ɗinka, an sayar, da azahar ya koma inda yake, kai kana waje ka biya la'adar shiga ka biya ta fita. Ka yi haka sau huɗu ka ga abin da ya rage. Sai a ce maka manya ne suke farautar sitof ɗinka, alhali kai ka kafa tarkon a tsakiyar hanyar da kowa ke bi.

Akwai wani kuskure ma da ya fi ban takaici, wani yaro ya taɓa zuwa min da shi. Bai ga sitof a manhajarsa ba, sai ya yi dabara ya sa limit ta sayarwa a 47.50 alhali kasuwa tana 50, wai don ta tare shi in an faɗo. Limit ta sayarwa cewa take a nan ko sama da nan, to 50 ai sama take, ko ɗaga yatsa bai yi ba aka sayar masa da komai. Kar ka gwada.

Ban ce sitof ba ta da amfani ba, ni ma ina sawa a manyan kamfanoni masu yawan ciniki in na san zan wuni ban duba waya ba, amma da nisa nake sa ta, kuma na san ranar rahoton riba ba abin da za ta tsinana min. Abin da yake iyakance asara tun farko shi ne yawan abin da ka zuba. In ka sa dubu 30 a kamfani ɗaya ya faɗi da kashi 27, dubu 8 da ɗoriya ta tafi, za ka ji zafi ka ci tuwonka. In duka dubu 300 ka zuba, sama da dubu 80 ce, kuma mai gida ba zai karɓi hoton sitof oda ba ranar da haya ta cika.

Wanda ya kawo mu kan abin da ka faɗa a gurguje kamar ba komai ba. Kuɗin haya ne ɗan'uwa, kuma akwai iyali a ƙarƙashin rufin nan ko da kai kaɗai ne iyalin. Cire na hayar ka mayar banki tun yau, abin da ya yi saura ko dubu 20 ne ka sayi babban kamfani guda da limit oda ta `Day`, bayan kasuwa ta ɗan jima da buɗewa farashi ya nutsu, sannan in takardar ciniki ta zo ka zauna da biro ka gwada farashin da aka saya maka da cajin da aka cire da abin da ka rubuta. Shi kuma Oga ka tambaye shi a gaban kowa a guruf ɗin, in sitof ta wuce kashi 5 shi zai cika maka ragowar? Ka turo min amsar da ya ba ka, in bai cire ka ba.