Me Ya Sa Kash Buk Ɗina Da Sitatimen Na Banki Ba Sa Haɗuwa?

Tambaya: Salam Malam, ni ke riƙe da lissafin shagon yayana, duk ƙarshen wata balans ɗin kash buk daban na sitatimen daban, har na fara tsoron kar a zarge ni. Ya ake daidaita su?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, kwantar da hankalinka, wannan ba alamar sata ba ce. Kai da banki ba rana ɗaya kuke rubuta abu ba, kuma akwai abin da banki ya sani kai ba ka sani ba tukuna.

Ka ajiye kash buk da sitatimen gefe da gefe, duk kuɗin da ya fito a duka biyun ka sa masa maki da biro. Waɗanda suka rage ba maki su ne aikinka, kuma kashi biyu ne, a nan ne mutane ke rikicewa.

Mu ce ran 31 ga Maris littafinka na nuna naira 850,000, banki kuma 1,031,500. Kashi na farko shi ne abin da ke sitatimen amma babu a littafinka: kwastoma ya yi taransifa 120,000 bai faɗa maka ba, banki ya cire cajin alat da na kula da asusu 3,500, sai cekin 60,000 da aka ba ka, ka rubuta ya shiga, ashe ya dawo don ba kuɗi a asusun mai shi. Waɗannan a kash buk za ka gyara su, ka ƙara 120,000 ka cire 63,500, ya zama 906,500. Wannan ne ainihin kuɗin shago.

Kashi na biyu kuwa don Allah kar ka taɓa littafinka, domin daidai ka rubuta, banki ne bai iso wurin ba. Ka ba dila cekin 200,000 ka riga ka cire a wajenka shi kuma yana aljihunsa bai kai ba, sannan ka kai cekin 75,000 da yammacin 31 bai shiga ba sai Afrilu. A takarda daban za ka jera su, ita ce takardar daidaitawar: ka fara da 906,500, ka ƙara 200,000, ka cire 75,000, sai ga 1,031,500 cif.

In har yanzu akwai saura to kuskure ne. Raba ragowar da 9, in ta rabu ba saura sau da yawa lamba aka juya, kamar 54,000 a rubuta 45,000. In laifin banki ne ka kai musu su gyara.

Wata mai zuwa ka fara da duba waɗancan ceki biyun ko sun fito. Cekin da ya haura wata shida banki ba zai biya ba, sai ka mayar da kuɗin cikin littafi ka nemi dilan. Amma kuɗin da aka ce an kai banki har sati biyu bai bayyana ba, wannan kam ka nemi takardar shaidar zuba kuɗin ka tambayi wanda aka aika.