Re: Tun bayan hatsarin mota nake jin kamar ba ni ba ce

Tambaya: "Wata uku ke nan da hatsarin. Ina kallon hannuna kamar na wata, gari kuma kamar mafarki. Na fara haukacewa ne?"

'Yar'uwa, sannu da jiki. Ba hauka ba ne, tunda kin san ji ne kawai, ba ki yarda gaskiya ba ne.

Idan firgici ya fi ƙarfin mutum, ƙwaƙwalwa takan janye shi daga abin da ke faruwa don ya iya jurewa. Matsalar ita ce, wani lokacin takan ci gaba bayan hatsarin ya wuce, ƙarar birki kaɗai sai ta tayar da shi. Baƙuntar jiki da baƙuntar gari duk tushensu ɗaya.

Idan ya taso, wanke fuska da ruwan sanyi, ki ambaci abubuwa biyar da kike gani. Amma wata uku ya isa ki ga likitan ƙwaƙwalwa, ki kuma faɗa masa idan kin bugu a kai, don farfaɗiya ma takan kawo irin wannan.