Izinin shirin harhaɗa lamba ko izinin mai kiransa?

Tambaya: Me ya sa izinin fayil bai hana shiri lalata abin da mai amfani ba shi da ikon taɓawa ba?

Amsa: Masanin kwamfuta Norm Hardy ya bayyana wannan matsala a 1988. Wani shirin harhaɗa lamba, wato compiler mai fassara abin da mai tsara manhaja ya rubuta zuwa harshen kwamfuta, yana da ikon rubuta fayil ɗin lissafin kuɗi, sai mai amfani ya ba shi sunan wannan fayil a matsayin wurin ajiye sakamako, shirin kuwa ya rubuta a kai, domin jerin izini, wato jerin waɗanda aka yarda su taɓa fayil, yana duba wanda ya zo ne kawai, ba ya tambayar wanda ya aiko shi. Da buɗaɗɗen fayil mai amfani ya miƙa maimakon suna, kamar yadda `open()` ke bayarwa a Unix, da shirin ya tsaya iya abin da aka damƙa masa.