Jimlar ginshiƙin da ke ɗauke da alamun kuskure: wace fomula ce ta dace?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina riƙe da lissafin kayan da muke fitarwa a Excel 2016, kuma kuɗin kowane layi yana ginshiƙin D. Duk lokacin da gurbi ɗaya ya nuna #N/A ko #VALUE!, sai jimlar da ke ƙasa ita ma ta koma kuskure, alhali sauran layukan lafiyarsu ƙalau. Wani abokin aikina ya ce in sayi Microsoft 365, wani kuma ya ce in lulluɓe komai da IFERROR. Wanne zan bi?

Amsa: Barka kadai, Malam. Kada ka kashe ko sisi a kan wannan matsala, domin maganinta yana cikin Excel ɗin da ke hannunka. Ka je gurbin jimla ka maye gurbin SUM da wannan:

```
=AGGREGATE(9,6,D2:D9)
```

Ka sauya D2:D9 da iyakar layukanka. AGGREGATE ta shigo ne tun Excel 2010, saboda haka naka na 2016 ya san ta. Lamba ta farko tana gaya mata aikin da za ta yi, kuma 9 tana nufin tarawa. Lamba ta biyu tana gaya mata abin da za ta tsallake, kuma 6 tana nufin ta tsallake duk gurbin da ke ɗauke da alamar kuskure. Idan kana yawan tace jadawalin kuma kana so jimlar ta bi layukan da ke bayyane kawai, sai ka sa 7 a madadin 6, wadda ke tsallake kurakurai da ɓoyayyun layuka a lokaci guda. Idan kuma Excel ya ƙi karɓar fomular tun daga shigarwa, ka duba yadda sauran fomulolinka suke rarrabe sassansu, domin a wasu kwamfutocin da alamar ; ake rarrabewa a maimakon waƙafi.

Dalilin da ya sa SUM take yi maka haka ba lalacewa ba ne. Idan aka ba ta jerin gurabe, tana wuce rubutu da gurbin da babu komai ba tare da ta tanka ba, amma ba ta wuce kuskure, domin kuskure yana nufin cewa akwai wata lamba da ya kamata ta kasance a wurin amma ba a samo ta ba. Da ta ba ka jimlar da ta san ba cikakkiya ba ce, gara ta miƙo maka kuskuren. To da zarar ka sa AGGREGATE, ka rufe bakin mai yi maka wannan gargaɗi ke nan, kuma a nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin a nan ne lissafi yake salwanta ba tare da kowa ya ankara ba.

Bari mu ɗauki layuka takwas. A ce D2 zuwa D9 suna ɗauke da 1200, 850, #N/A, 400, 2300, #VALUE!, 150 da 600, kuma kowannensu yawan kaya ne da aka ninka da farashin da VLOOKUP ta ɗauko daga wani jadawalin. SUM za ta nuna kuskure, AGGREGATE kuma za ta ba da 5500. Lambar ta fito tas, babu wata alama a jikinta da za ta sa mutum ya yi shakka. Amma da aka buɗe D4, sai aka tarar lambar kayan tana da ɗan fili a ƙarshenta wanda ido ba ya gani, shi ya sa VLOOKUP ta kasa samunta a jadawalin farashi, kuma da aka goge filin sai layin ya ba da 900. A layin D7 kuwa, wanda ya shigar da bayanin ya rubuta yawan kaya haɗe da kalmar "kwali" a gurbi ɗaya, sai ninkawar ta gagara, kuma da aka bar lambar ita kaɗai sai layin ya ba da 1100. Jimlar gaskiya ke nan 7500. Wanda ya miƙa rahoto da 5500 ya rage 2000, wato fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin, kuma fomularsa ba ta yi kuskure ko kaɗan ba, abin da aka umarce ta shi ta yi.

Saboda haka shawarata ita ce kada AGGREGATE ta zauna ita kaɗai. A gurbin da ke daf da jimlar, ka sa mai ƙirga kurakuran:

```
=SUMPRODUCT(--ISERROR(D2:D9))
```

ISERROR tana duba kowane gurbi ta ce TRUE ko FALSE, alamun ragewa biyun nan suna mayar da amsoshin zuwa 1 da 0, sannan SUMPRODUCT ta tara su. A misalinmu za ta ba da 2. Ka rubuta wa gurbin suna a fili, kamar "Layukan da ba su shiga jimla ba", yadda duk wanda ya ga 5500 zai ga 2 a gefenta, ya san cewa lissafin bai kammala ba tukuna. Ranar da lambar ta koma 0, a ranar ce jimlar ta zama abin dogaro. Kuma idan layukan suna da yawa har neman kurakuran da ido ya yi wuya, ka zaɓi ginshiƙin, ka danna F5, ka shiga Special, ka zaɓi Formulas, ka bar alama a kan Errors kawai, Excel zai zaɓo maka su gaba ɗaya har ka iya shafa musu launi.

Maganar abokinka na biyu tana da fuska biyu, kuma ba ɗaya suke ba. Idan yana nufin a sa IFERROR a gurbin jimla kawai, wato `=SUM(IFERROR(D2:D9,0))`, to sakamakon daidai yake da na AGGREGATE, sai dai a Excel 2016 da 2019 dole ne ka shigar da ita da Ctrl+Shift+Enter, kuma duk ranar da wani ya taɓa gurbin ya danna Enter kawai, fomular ta daina aiki yadda ya kamata. A Excel 2021 da Microsoft 365 ba a buƙatar wannan dannawa, kuma ina kyautata zaton wannan ne abin da mai ba ka shawarar saye yake nufi, amma sauƙin danna maɓalli bai kai a biya kuɗi dominsa ba tunda AGGREGATE tana shiga da Enter zalla.

Idan kuwa yana nufin a lulluɓe fomular kowane layi da IFERROR ta yadda kuskure zai koma 0, to wannan ban yarda da shi ba a irin aikinka. Da zarar D4 da D7 sun koma 0, mai ƙirgan nan zai ce babu kuskure, F5 ba zai samo komai ba, kuma 2000 ɗin sun ɓace ba tare da sun bar sawu ba. Ɓarnar ma ba ta tsaya a jimla ba, domin matsakaicin layuka shida masu lafiya shi ne kusan 916.67, amma da sifilin nan biyu AVERAGE za ta raba 5500 gida takwas ta ba ka 687.5. IFERROR ba ta bambanta kuskuren da ka yi tsammani da wanda ba ka yi tsammani ba. Idan wani ya goge ginshiƙin da fomularka ta dogara da shi, #REF! ɗin da ya kamata ya tayar maka da hankali shi ma sifili zai zama.

Akwai hanya ta tsakiya ga wanda ya san ma'anar kurakuransa. A wasu jadawalan #N/A abu ne da aka saba da shi, misali kayan da ba a sanya musu farashi ba tukuna kuma kowa ya san da zamansu. A irin wannan hali za ka iya tsallake #N/A kaɗai, ka bar sauran kurakuran su ci gaba da tsayar da jimlar:

```
=SUMIF(D2:D9,"<>#N/A")
```

A misalinmu wannan za ta nuna #VALUE! saboda D7, kuma hakan ne amfaninta, domin ta tilasta maka gyara shigarwar da ta lalace. Bayan gyaran za ta ba da 6600, ta bar D4 a waje har a samo farashinsa. Ni wannan na fi so idan jadawalin yana yawo a hannun mutane da yawa, tunda kuskuren da ke tasowa daga shigar da bayani shi ne wanda bai kamata a yi shiru a kansa ba.

Abubuwa biyu za su iya ba ka mamaki da AGGREGATE, gara ka san su tun yanzu. Na farko, idan aikin tarawa ne, tana buƙatar jerin gurabe na zahiri, ba ta karɓar lissafin da aka yi a cikinta. Idan ka rubuta `=AGGREGATE(9,6,B2:B9*C2:C9)` don ka guje wa ginshiƙin D, #VALUE! za ka samu, saboda irin wannan shigarwa tana aiki ne kawai da ayyuka na 14 zuwa 19. Ka bar ninkawar a ginshiƙinta, ka tara ginshiƙin. Na biyu, Google Sheets ba shi da AGGREGATE, don haka idan akwai yiwuwar a buɗe fayil ɗin a can, ka yi amfani da `=SUMIF(D2:D9,"<9.99E+307")`, wadda ke tara duk gurbin da ke ɗauke da lamba ƙasa da wannan ƙasaitacciyar lamba, wato kowace lamba da za ka taɓa shigarwa, har da masu alamar ragewa, ta wuce kurakurai domin su ba lambobi ba ne. Kada ka sa ">0" kamar yadda wasu ke yi, domin za ta zubar da layukan kayan da aka dawo da su idan da alamar ragewa kake shigar da su.

Akwai kuma giɓin da mai ƙirga kurakurai ba zai gani ba, wato lambar da aka adana a matsayin rubutu, wadda takan zo idan an kwafo bayani daga wata manhajar. Ba ta nuna kuskure, amma SUM da AGGREGATE da SUMIF duk suna wuce ta. Yawanci za ka gan ta ta jingina hagu a cikin gurbin, da ɗan koren alama a kusurwa. Don ka tabbatar, ka kwatanta `=COUNTA(D2:D9)` da `=COUNT(D2:D9)`. Ta farko tana ƙirga duk gurbin da ke da wani abu, ta biyu kuma lambobi kawai take ƙirgawa. A misalinmu za su ba da 8 da 6, kuma bambancin 2 ya yi daidai da kurakurai biyun da muka ƙirga. Idan bambancin ya zarce yawan kurakuran, to akwai rubutu a ginshiƙin, sai ka zaɓi guraben, ka danna alamar gargaɗin da ta bayyana a gefensu, ka zaɓi Convert to Number.