Tara lambobi ana tsallake biyu ko uku a layin Pascal

"Assalamu alaikum malamai. Ɗalibi ne ni a nan Jidda. An ce mu tara C(30,0) + C(30,3) + C(30,6) har ƙarshen layin. Malaminmu ya rubuta amsa mai cos a ciki, ban gane daga ina kusurwa ta shigo ba. Da na gwada ta a kan C(n,0) + C(n,4) + C(n,8) kuma sai ta ƙi. A taimaka."

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ajiye 30 tukuna, mu ɗauki layin 10, wanda za ka iya dubawa da hannu. Na daɗe ina yi wa yaranmu darasin yamma a Makka, kuma duk wanda na bari ya fara da babbar lamba haddace amsar kawai yake yi, mako na zagayowa ta gudu.

Layin 10 shi ne 1, 10, 45, 120, 210, 252, 210, 120, 45, 10, 1, jimlarsa 1024. Ka san dalili: (1+x)^10 ne aka sa x = 1. Ka kuma san idan aka sa x = −1 aka haɗa da na farko aka raba biyu, gurabe marasa rabuwa da biyu suna kashe juna. To abin da malaminku ya yi shi ne wannan ɗin dai, sai dai a maimakon 1 da −1 ya ɗauko lambobi uku waɗanda kowacce idan ta ninka kanta sau uku take komawa 1. Su ne 1, ω da ω², inda ω = −1/2 + (√3/2)i. A kan da'ira suke zaune, digiri 120 tsakanin kowacce da 'yar'uwarta, shi ya sa 1 + ω + ω² = 0.

Dubi 1 + ω^k + ω^(2k). Idan k tana rabuwa da uku, kowane ɗaya 1 ne, jimla 3. Idan ba ta rabuwa, waɗancan lambobi ukun ne suka sake jeri, jimla sifiri. Rariya ke nan: gurbi na 0, 3, 6, 9 su wuce, saura su tsaya. Saboda haka sai ka sa x = 1, x = ω, x = ω² a cikin (1+x)^n, ka tara, ka raba uku:

S = [2^n + (1+ω)^n + (1+ω²)^n] / 3

A ganina kada ka yi saurin zuwa wurin cos. Tunda 1 + ω = −ω², kuma 1 + ω² = −ω, aikin ya zama na ƙirga ragowa kawai. A n = 10, (−ω²)^10 = ω^20 = ω², sannan (−ω)^10 = ω^10 = ω. Haɗinsu −1. Amsa (1024 − 1)/3 = 341. Duba da hannu: 1 + 120 + 210 + 10 = 341.

Kusurwar da ta ruɗe ka daga nan ta fito. 1 + ω = 1/2 + (√3/2)i, tsawonta 1 ne cif, kusurwarta digiri 60, ba 120 ba. Nan yara da yawa suke zamewa, suna ɗaukar kusurwar ω su manta an ƙara mata 1. Ɗaya lambar, 1 + ω², hotonta ce a ƙasa, digiri −60. Ka ɗaga su zuwa n da ƙa'idar De Moivre, ɓangaren i ya kashe juna, ya rage 2cos(nπ/3). Wannan kuwa zagaye yake yi duk bayan shida: 2, 1, −1, −2, −1, 1. Naka 30 yana rabuwa da shida, don haka amsarka (2^30 + 2)/3 = 357913942. In za ka danna kalkuleta, ka tabbata tana kan radiyan idan π ka rubuta. In tana kan digiri za ka ga amsa da ɗigo, alhali jimlar cikakkun lambobi ba ta zuwa da gutsure.

Yanzu na huɗu. Ya ƙi maka ne domin ka ɗauki amsar uku ka canja 3 zuwa 4, kuma ba haka abin yake ba. Lambobin yanzu su ne 1, i, −1, −i. Idan x = −1, (1−1)^n sifiri ne muddin n ta kai 1. Abin da ya rage:

S = [2^n + (1+i)^n + (1−i)^n] / 4

Bambancin yana wurin tsawo. 1 + i kusurwarta digiri 45, amma tsawonta √2, ba 1 ba, don haka tana girma da n. Hanya mafi sauƙi ita ce (1+i)² = 2i. A n = 10 kana da (2i)^5 = 32i, ɗayar kuma −32i, su kashe juna, amsa 1024/4 = 256, kuma 1 + 210 + 45 = 256. Kada wannan ya yaudare ka har ka ce kullum kashi ɗaya cikin huɗu ne. Gwada 12: (2i)^6 = −64, sau biyu −128, amsa (4096 − 128)/4 = 992, wato 1 + 495 + 495 + 1, ba 1024 ba. A rabon uku, kason kowa ba ya nisa da 2^n/3 fiye da 2/3 komai girman n. A rabon huɗu ratar tana iya kai rabin 2^(n/2).

Sai wurin da na fi ganin takardun jarabawa suna zubar da maki, wato idan an fara daga gurbi na 1: C(10,1) + C(10,5) + C(10,9). Ana son gurbi na 1 ya koma kamar na 0, don haka kowane kashi raba shi ake yi da x ɗin da aka sa, ba ninkawa ba. Kashin i a ninka shi da −i, kashin −i a ninka shi da i. Sai ka samu (−i)(32i) = 32 da (i)(−32i) = 32, amsa (1024 + 64)/4 = 272, daidai da 10 + 252 + 10. Wanda ya juya alamar zai samu (1024 − 64)/4 = 240. Abin haushin shi ne 240 cikakkiyar lamba ce, ba ɗigo ba gutsure, yaro ya miƙa takarda hankalinsa kwance. Jimlar masu ragowa 3 ce ya kawo, 120 + 120. A rabon uku ma haka: masu ragowa 1 a layin 10 suna ba da 341, wanda ya juya alama ya samu 342, kason masu ragowa 2. Ko tara kason duka ka ga sun kai 1024 ba zai tona wannan kuskure ba, domin musanya wuri kawai suka yi.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi kafin su yarda da abin da suka fitar shi ne gwaji da n = 1. Layin 1, 1 ne kawai, masu ragowa 1 dole su ba da 1. A rabon huɗu, alamar daidai tana ba da [2 + (−i)(1+i) + i(1−i)]/4 = (2 + 2)/4 = 1, ta juye kuma tana ba da sifiri. Amma kada ka gwada da n = 0 bayan ka riga ka jefar da kashin −1, domin a can (1−1)^0 ana ɗaukarsa 1 ne, kuma a jimlar da ta fara daga gurbi na 0 za ka samu 3/4 ka zaci dabarar ce ta lalace.

Ka yi mini masu ragowa 2 a layin 12, rabon huɗu, ka turo. Idan ka samu 1056, ka kama.