Sanƙo a hoto: ku daina ɗora wa mutane gashin aro

Tambaya: Malam, ina da shagon hoto a Sabon Gari, nan Damagaram. Wani ango gashinsa ya ja baya, fatar kai ta fara leƙowa. Na yanko gashi daga wani hoton na ɗora masa, abokansa suka ce hular gashi ya sa. Ina mafita?

Amsa: Abokan nan gaskiya suka faɗa, malam. Wannan yanke-da-manna ya ishe ni, kusan duk katin biki da na ɗauka sai na gan shi. Gashin da ka aro haskensa daban, kaifinsa daban, sannan bakinsa ya yanke cak a goshi kamar an ja layi da reza. Gashin ɗan Adam kuwa a hankali yake ƙarewa.

Abin da ke fallasa sanƙo a hoto shi ne ƙyallin fata, to shi za ka fara kashewa. A Photoshop buɗe sabon Layer, ka mai da shi Multiply, ka ɗebo launi daga gashin angon kansa da Eyedropper. Kada ka kuskura ka yi amfani da #000000, domin gashi a gaban kyamara ba ya yin baƙi wuluk. Sa Opacity na Brush wajen 10, ka riƙa shafawa sannu a hankali har ƙyallin ya lafa.

Daga nan sai Clone Stamp a wani Layer ɗin, Opacity 30, Sample kuma a kan Current & Below. Ɗebo daga gefen da hasken ya zo, kusa da gurbin, kana canza wurin ɗiba bayan kowane taɓi biyu ko uku. In ka ƙi, curin gashi ɗaya zai yi ta maimaituwa, ido kuma ba ya kuskure wannan. In angon saisaye ya yi, gashinsa ɗigo-ɗigo ne, don haka da ɗangwale za ka cike bakin goshin, kada ka ja zare. Kusurwoyin goshi rage musu zurfi kawai, kada ka cike su, mai shekara 40 ba ya da goshin ɗan makaranta. A ƙarshe Add Noise na 1 zuwa 2 don gyaran ya saje da sauran hoton. Ƙanƙanta hoton zuwa girman da za a buga, ka kashe Layer ka kunna: in idonka ya faɗa kan goshin kafin fuskar, rage.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, waya za ta yi?

Amsa: Snapseed, Brush, Dodge & Burn a kan -5. Zai rage ƙyalli, amma ba zai tsirar da gashi ba. Ka nisanci Healing a bakin goshi, daɓe wurin yake yi.

Tambaya: Babana kansa tal yake, zan iya mayar masa da gashi?

Amsa: Babu inda za ka ɗebo, ɗana. Sa masa hularsa ka sake ɗauka.